Kafin ka ba wasiƙar neman bursi maki

Ƴan uwana matasan Damagaram, da yawa daga cikinku yanzu an fara kiran ku ku zauna a kwamitin tantance masu neman bursi, ko a ƙungiyar tsofaffin ɗaliban lise, ko a wata ƙungiya mai zaman kanta, ko a jami'a. Wasu kuma ƙannenku ne ke kawo muku wasiƙarsu ku duba kafin su tura. Nasihata a gare ku a kan wasiƙar nan ce da ɗalibi ke bayanin kansa da dalilin da ya sa ya cancanta. Makin jarrabawa kowa na ganin sa a takarda, amma wasiƙa hukuncinka ne kaɗai ke auna ta, kuma a nan ne ake yawan zaluntar yara ba tare da an yi niyya ba. Allah Ya umarce mu a Suratun Nisa'i, aya ta 58, da mu mayar da amana ga masu ita, kuma idan za mu yi hukunci tsakanin mutane mu yi shi da adalci. Kujerar kwamiti tana cikin wannan.

Kada ka buɗe dosiye ko ɗaya sai ka karanta sanarwar bursin sau biyu, ka kwafe sharuɗɗan zaɓe a takarda yadda mai bayarwa ya rubuta su, sannan kwamiti ya yanke makin kowane sharaɗi. Dalili shi ne idan ka fara karanta wasiƙu ba ka da ma'auni, wasiƙar farko da ta burge ka ita za ta zama ma'auninka, sauran duka ka riƙa gwada su da ita. Kuma masu bayarwa ba abu ɗaya suke nema ba. Shirin Mastercard Foundation yana duba hazaƙa tare da ƙarancin hali da niyyar yi wa al'umma hidima, alhali bursin DAAD, hukumar bursi ta Jamus, na fannonin raya ƙasa yana neman wanda ya riga ya yi aiki shekara biyu a fanninsa. Wasiƙar da ta dace da ɗaya tana iya faɗuwa a ɗayan, ba don ta lalace ba.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wata ƙungiya za ta biya wa mutum ɗaya karatun masta a fannin sarrafa ruwan sha, kuma sanarwarta ta ambaci abu uku: aikin da mai nema ya taɓa yi wa jama'a, dacewar karatun da abin da ya riga ya karanta ko ya yi, da shirinsa bayan ya gama. Kwamiti ya raba maki 20 kamar yadda muka saba a lakwal: 8 ga na farko, 7 ga na biyu, 5 ga na uku. Kada ku tsaya nan. Ku rubuta abin da kowane mataki yake nufi. A sharaɗin farko, alal misali, wanda ya yabi kansa kawai yana tsakanin 0 da 2, wanda ya ambaci aiki amma babu yadda za a tabbatar yana tsakanin 3 da 5, wanda kuma ya faɗi wuri da lokaci da sakamako, ga takardar shaida a dosiye, yana tsakanin 6 da 8. In ba a rubuta wannan ba, 5 ɗinka da 5 ɗin abokin zamanka ba abu ɗaya ba ne.

Ga wasiƙa ta farko. Faransancinta tsaf, babu kuskure ko ɗaya. Mai wasiƙar ya ce ruwa shi ne rayuwa, ya ce tun yana ƙarami yake ganin mata da yara ɗauke da bido suna layi a bakin fanfo, ya ce shi mutum ne mai kishin ƙasa, mai jagoranci, kuma burinsa ya kawo ƙarshen matsalar ruwa a Damagaram. Zuciyarka za ta karkata gare shi, domin kai ma ka san layin bido da kuɗin ƴan ga-ruwa a watan Afrilu da Mayu. To ɗauki biro ka ja layi ƙarƙashin kowace jimla da ke cewa ya aikata wani abu. A kowace ka tambaya: me ya yi, a ina, yaushe, wa ya amfana, wa zai iya shaida? Sau da yawa za ka tarar shafi guda cur babu jimla ko ɗaya da ta amsa. Ganin layin ruwa ba aiki ba ne, duk wanda ya tashi a Birni ko Zango ko Garin Malam ya gani. Wannan wasiƙa tana da 2 a kan 8.

Ta biyu kuwa rubutunta na da tangarɗa, har da kurakuran nahawu. Amma ta ce a lokacin staj ɗinta na ƙarshen lisansi, wata uku, ta zagaya foraji 14 a ƙauyukan Mirya, ta tarar 5 sun tsaya. A huɗu daga cikinsu ba ruwan ne ya ƙafe ba, ƙaramin kayan gyara ne ya lalace, kuma kwamitin fanfo ba shi da asusu domin ba a rubuta kuɗin da ake karɓa. Ta shirya musu littafin shiga da fita a ƙauye biyu, ta koya wa ma'ajin cika shi, ɗaya daga ciki ya tara abin da ya gyara fanfonsa, ɗayan kuma bai ɗore ba. Ka lura da wannan na ƙarshen. Wanda ya yi aiki da hannunsa yakan san inda abin ya ƙi, mai ƙirƙira kuwa komai nasa nasara ne. Sai ka juya dosiyen ka nemi takardar shaidar staj, ka ga ko watannin da wurin sun yi daidai. In sun yi, ta ci 6 ko 7 a kan 8, kuma kurakuran nahawun ba su rage mata komai ba, tunda sanarwar ba ta sa ƙwarewar harshe cikin sharuɗɗa ba. Ina jaddada wannan domin mu da muka yi lakwal muna da raunin ɗaukar kyakkyawan Faransanci a matsayin hankali, yaron ƙauye kuma shi ke biyan kuɗin wannan rauni.

Gwada wasiƙa da sauran takardu shi ne rabin aikin. Idan mutum ya ce ya shugabanci ƙungiyar unguwa a nan daga 2020 zuwa 2023, takardun makinsa kuma sun nuna a shekarun yana Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, kusan kilomita 900 daga nan, akwai tambaya. Kada ka yanke masa ƙarya nan take, wataƙila a hutu yake aikin. Rubuta tambayar a gefe domin ranar ganawa, ka riƙe makin a matakin tsakiya har ya amsa. Haka kuma ka kula da mai yawan cewa “mun yi”. Mu Hausawa muna jin nauyin cewa “ni na yi”, don haka kada ka hukunta shi a kan kunya, amma ka nemi inda ya fayyace nasa kason a cikin aikin.

Batun ko wasiƙar tasa ce, gwajin mai sauƙi ne. Rufe sunan da hannunka ka tambayi kanka ko ɗalibai hamsin za su iya sa hannu a ƙarƙashinta ba tare da an canza kalma ba. In za su iya, ba ta gaya maka komai a kansa ba, ko da shi ya rubuta. Ba salon magana ake nema ba, abin da shi kaɗai zai iya faɗa ake nema. Kwafe kuwa yana da alamunsa: sakin layi ɗaya ya tashi sama da sauran a ƙarfin harshe, ko sunan wani bursi dabam ya maƙale a tsakiya, ko wasiƙu uku su zo da buɗewa iri ɗaya domin wuri ɗaya aka buga musu. Idan ka yi zato, ɗauki jimla ɗaya ta tsakiya, ka sa ta cikin alamar zance a Google. In ta fito kalma da kalma, ajiye shaidar ka kai wa kwamiti, dokar bursin ta yanke. In ba ta fito ba, zatonka bai isa ka rage maki ba. Wanda malaminsa ya gyara masa nahawu bai yi laifi ba.

Mu koma ga sauran sharuɗɗan biyu. Mai wasiƙa ta farko ya ce yana son “wannan babbar makaranta” bai ambaci darasi ko ɗaya ba, kuma lisansinsa bai taɓa ruwa ba, bai kuma bayyana yadda zai cike giɓin ba: 3 a kan 7. Shirinsa na kawo ƙarshen matsalar ruwa buri ne, babu matakin farko a ciki: 1 a kan 5. Jimla 6. Ta biyun ta ce ta iya ƙirga fanfon da ya mutu amma ba ta iya lissafin farashin da zai riƙe shi da rai ba, kuma ta nuna darasin da ke koyar da hakan a tsarin karatun: 6 a kan 7. Shirinta na komawa aiki da kwamitocin fanfo yana da ma'ana, sai dai ba ta faɗi da wa za ta yi aikin ba: 3 a kan 5. Jimla 15 ko 16.

Tarkon da ya fi kama masu zuciya mai kyau shi ne tausayi. Wasiƙa za ta zo da labarin maraici ko talauci da zai sa ka hawaye. Idan ƙarancin hali yana cikin sharuɗɗa, ba shi makinsa cikakke bisa takardun da aka nema. Idan ba ya ciki, ba ka da ikon ƙara shi da kanka, domin akwai wani maraya a cikin tarin da ya bi sanarwar bai ambaci halinsa ba. In kana ganin ya kamata a sa shi, ka kai maganar ga masu bursin domin shekara mai zuwa.

Kowace wasiƙa mutum biyu su karanta ta, kowa shi kaɗai, kowa ya rubuta makinsa da dalilinsa a jimla ɗaya kafin su haɗu. Idan tazararsu ta wuce maki 3 a kan 20, na uku ya karanta ba tare da ya ga nasu ba. Kada ka wuce wasiƙa goma a zama ɗaya, kuma in ka gama tarin ka koma kan uku na farko, domin hannu yakan yi tsauri ko sassauci da farko. Garinmu kuma kowa ya san kowa. In dosiyen ɗan yayarka ne, ko ɗalibinka, ko ɗan maƙwabcinku, ko kai ka taya shi gyara wasiƙar, faɗa wa shugaban kwamiti tun kafin a raba takardu, a ba wani, kuma ka fita ɗakin lokacin da ake tattauna shi.