Dannawa tara ba nasara ba ce

'Yan'uwana matasa masu sayar da kwas a intanet, akwai abin da na gani a makon nan da ya hana ni yin shiru. Wani ƙanenmu ya saka talla a Facebook da kanu biyu, ɗaya "Koyi Excel cikin mako huɗu", ɗaya "Fara koyon Excel yau". Da safe ya saka, kafin dare ya kashe na farko. Wai na biyu ya ci. Da me ya ci? Mutum 500 suka ga kowanne, 6 suka danna wancan, 9 suka danna wannan. Haba ƙanena!

Tara da shida ba hujja ba ce. Ka jefa kwabo sama sau 15, ba abin mamaki ba ne fuska ɗaya ta fito sau 9, kuma babu mai cewa kwabon yana da zaɓi. Tallan da ya samu 9 yau, gobe yana iya samun 6 ko 12 ba a taɓa masa ko harafi ba. Da 100 ne da 150, da sai mu zauna mu yi magana, amma hakan na buƙatar sama da mutum 8,000 su ga kowane kai. Sai ku ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. To, ku ko Litinin ba ku bari ta wuce ba. Sauri ya haifi nawa: kun kashe kuɗin, ba ku san komai ba, kuma kun tafi da yaƙinin kun sani.

Gaggawar nan ce ke sa ku zuba kanun biyu a rukunin talla ɗaya, alhali Facebook yakan karkatar da kuɗin ga wanda ya fara samun motsi, ɗayan ya zauna ba a ko nuna shi sosai ba. Akwai A/B test da ke raba masu kallo gida biyu, amma wa ke da haƙurin barinsa ya yi kwana bakwai? Wani ma sai ya canza hoto a rana ta biyu, sannan ya ce kan tallan ne ya yi aiki.

Mai ƙaramin kuɗi babban bambanci kaɗai yake iya hangowa, don haka kanun su sha bamban da gaske, ɗaya ya yi maganar lokaci, ɗaya ya yi maganar wahalar da kwas ɗin zai sauke wa mutum. Kar ma ku taɓo mini masu rubuta "Zama attajiri cikin wata ɗaya". Dannawa kam za su samu, rajista babu, sai zubar da mutunci.

A da, wanda ke koyon sana'a kunya yake ji ya ce "na gane" kafin ya gane. Yanzu yaro ya yi gwajin wuni ɗaya, washegari ya buɗe nasa kwas ɗin yana koyar da talla. Allah ya kyauta.