Kafin ka goge manhajar da ta ƙi sabuntuwa, duba inda ta tsaya

Akwai shawarar da kusan kowa ke bayarwa idan sabunta manhaja ya maƙale a waya: goge ta kawai, ka sake sauko da ita. A ganina wannan ita ce shawarar da ya kamata ta zo a ƙarshe, amma ita ake fara ɗauka. Sau da yawa takan yi aiki, ban musa ba. Sai dai ba domin manhajar ta lalace ba ne, gogewar ce ta buɗe sarari a wayar, kuma da an samu wannan sararin ta wata hanya da ba a yi asarar komai ba.

Ƙanwata ce ta miƙo mini wayarta kwanaki, ranta a ɓace. "Yaya, duba mini wannan abu. Ya ce megabait 60 yake nema, ni kuwa ina da fiye da 400, amma sau uku yana kai wa ƙarshe yana faɗuwa." Lissafinta daidai ne a ido, sai dai ba haka waya ke lissafi ba.

Adadin da shagon manhajoji ke nunawa nauyin abin da za a sauko ne, a matse, kuma sau tari ba dukan manhajar ba ce, bambancin da ke tsakanin tsohuwa da sabuwa ne kawai. Bayan ya sauka sai wayar ta haɗa shi da tsohuwar ta gina cikakkiyar sabuwar manhaja, ta warware wasu sassanta, ta shirya su yadda za su buɗe da sauri. Duk wannan lokacin tsohuwar na nan zaune, ba a taɓa ta ba. Da gangan aka yi haka, domin in wayar ta mutu a tsakiyar aiki kada a rasa duka biyun. Kamar mai sauya kayan ɗaki ne da ya ƙi fitar da tsohon gado sai ya gama ɗaura sabo: dole ɗakin ya ɗauki gado biyu na ɗan lokaci. To in manhajar kanta ta kai megabait 200, na 'yan mintuna ana bukatar wurin wata 200 ɗin, da wurin abin da aka sauko, da wurin aiki.

Sannan akwai rabon da wayar ke keɓe wa kanta. Android na riƙe wani ɗan yanki na ma'adana, wanda kan kai megabait 500, kuma da zarar sararin da ya rage ya yi ƙasa da wannan iyaka sai ta ɗauka ta shiga takura, ta fara ƙin girka abubuwa. Shi ya sa Google ma ke cewa in abin da ya rage bai kai gigabait 1 ba, sauke manhajoji da girka su na iya tsayawa. 400 ɗin ƙanwata ke nan ba nata ba ne, na wayar ne.

A nan nake ganin laifin masu tsara waɗannan shaguna. Sun san wurin da aikin zai ci, amma adadin da suke sa wa a gaban mutum shi ne mafi ƙanƙanta. Sai ya ƙona datarsa, abu ya kai kashi 100, sannan a ce masa ba a iya girkawa ba, ya sake gwadawa. Mai ƙaramar waya, wanda shi ne ya fi bukatar bayani, shi ake bari da tsammani.

Amma ba kowace maƙalewa ce ƙarancin wuri ba, kuma wurin da abin ya tsaya shi ke faɗin cutar. Idan ko motsi bai yi ba, yana ta nuna `Pending`, to galibi layi yake bi, wasu manhajoji na gabansa, ko kuma an saita shagon kada ya sauke komai sai da wayifai. Wannan na biyun a `Settings` na Play Store ake gyara shi, ƙarƙashin `Network preferences`. Ko hotuna dubu ka goge ba zai motsa ba. Idan ya faro ya tsaya a tsakiya, ka fara zargin netwok. Idan kuwa ya sauka tas, ya rubuta `Installing`, sannan ya faɗi, to nan ne ya kamata ka leƙa ma'adana. Akwai kuma wanda ko wuri ya yi yawa ba zai shiga ba: manhajar da aka turo maka daga wayar wani, wadda wani ya taɓa cikinta. Android ba ta yarda sabuwa ta hau kan tsohuwa sai sa hannun mai ƙirarsu ya zo ɗaya. Wannan kam sai an cire ta, kuma shi ne wurin da na yarda da masu cewa a goge.

Ƙanwata ta riga ta goge bidiyoyi da dama kafin ta zo, kuma abin da ya fi ba ta haushi shi ne adadin bai ƙaru ba ko kaɗan. Na buɗe ma'ajiyar hotunanta na shiga kwandon shara, sai ga su nan jere, ba wanda ya tafi. Yawancin wayoyi na ajiye abin da aka goge har kwana 30 ko da mutum zai canza shawara, kuma muddin yana kwandon, wurinsa yake ci. Muka zubar, aka samu kusan megabait 700. Daga nan muka shiga manhajar hirarta, inda bidiyon da aka turo a zaure uku ya zauna sau uku. A WhatsApp wurin duba wannan shi ne `Storage and data`, sannan `Manage storage`, yana jera manyan fayiloli da waɗanda aka yi ta turawa. Da sarari ya haura gigabait ɗaya da rabi muka sake dannawa, ya shige ba gardama. Katin memorinta, wanda rabinsa fayau yake, bai taimaka da komai ba, don girkawa a cikin ma'adanar wayar ake yinsa. Amfanin katin shi ne a kwashe hotuna da bidiyo a mayar can.

Wani zai ce, to duk wannan wahala ta mece ce, tunda gogewa da sake saukowa minti biyu ne? Ga manhajar da komai nata ke ajiye a intanet, gaskiyarsa. Amma ba duka ba ne haka. Mai manhajar rubuce-rubuce da ba ta ajiye kwafi a waje, ko hirar da aka daɗe ba a yi mata ajiya ba, ko manhajar da ke fitar da lambobin shiga asusu, yana gogewa ya yi ban kwana da abin da ke ciki. Ga shi kuma sai ya sauko da cikakkiyar manhaja maimakon ɗan guntun da ake nema. Haɗarin ɗaya ne da maɓallai biyun nan da ke zaune kusa da juna a shafin kowace manhaja a Android. `Clear cache` tarkacen wucin gadi yake sharewa, ba asara. `Clear storage`, ko `Clear data` a wasu wayoyin, yana mayar da manhajar kamar yau aka sauko da ita. Yatsa ɗaya ne tsakaninsu.

Masu iPhone na da mafita mai sauƙi, `Offload App`, wanda ke cire gangar jikin manhajar ya bar bayananta, kuma Android 15 ta zo da makamancinsa mai suna `Archive`. In dole sai wata manhaja ta ba da wuri, wasan nan da aka yi wata shida ba a buɗe ba shi ya kamata ya tashi, ba wadda ake ƙoƙarin sabuntawa ba.

Ƙanwata dai da ta karɓi wayarta, tambaya ɗaya ta yi: "Yaya, wato kwandon ma sai an zubar?"