Ciwon Ƙoda na Gado: Ku Daina Ɓoye wa 'Ya'yanku

Ranar Asabar da ta wuce na je duba wani maƙwabcina a sashen wankin ƙoda. Shekarunsa 47, mutum ne da ban taɓa jin ya kwanta ciwo ba, amma na same shi kwance da bututu biyu a jikinsa, jininsa yana fita yana zagayawa cikin na'ura yana komowa, ƙafafunsa sun kumbura har silifa ba ta shiga. A bakin ƙofa yayarsa ta ja ni gefe ta ce, “Malam, irin ciwon Baba ne, kuma shi ya ɗauke Gwaggo.” Na tambaye ta tun yaushe suka san haka, sai ta ce tun rasuwar mahaifinsu likita ya ce a kawo 'ya'yansa a duba su, amma manyan gida suka ce a rufe maganar don kada a ƙi auren 'yan matan gidan. Shekara ashirin ke nan ana riƙe da wannan shiru, ni kuwa tun daga wannan Asabar ɗin raina bai huce ba.

Cutar da ke damunsa ita ce wadda 'yan jakunkunan ruwa suke tsirowa a cikin ƙoda biyun, suna girma a hankali shekara da shekaru, suna danne naman ƙoda mai aiki har ya gaza. Gadonta ake yi, kuma gado ne mai ƙarfi, domin ya isa a ce ɗaya daga cikin iyaye yana da ita. Duk ɗan da aka haifa, namiji ko mace, damar ya ɗauka rabi da rabi ce, kuma kowace haihuwa da nata lissafin, saboda haka a cikin 'ya'ya shida tana iya kama biyu, tana iya kama biyar. Ba jifa ba ce, ba sammun kishiya ba ne, ba kuma auren zumunta ke kawo wannan nau'in da ke bayyana ga manya ba. Wanda bai gada ba, ba zai ba 'ya'yansa ba. Kusan rabin masu ita ƙodarsu kan gaza kafin su kai shekara 60. Inda matsalar take a ƙwayar halittar da ake kira PKD1, wadda ita ce mafi yawa, gazawar kan zo a shekaru hamsin da wani abu. Inda take a PKD2 kuwa, takan jinkirta zuwa bayan saba'in. Shi ya sa shekarun da kakanku ko mahaifinku ya fara wankin ƙoda ko ya rasu labari ne da likita yake buƙata, ku kuwa shi kuke binnewa.

'Yan'uwana, me kuke tsammanin ɓoyewar za ta hana? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wannan cuta tana yin shekaru ba ta nuna kanta ba, har gwajin jini na kiriyatinin, wanda ake auna aikin ƙoda da shi, yakan fito lafiya lau alhali ƙodar tana ta kumbura. Abin da yakan fara bayyana shi ne hawan jini a saurayi ɗan shekara talatin, ko ciwo a kwiɓi, ko fitsari da jini. Maƙwabcina ya ga duka ukun. Da ya san tarihin gidansu, da ya gane abin da jikinsa ke faɗa masa. Da yake an ɓoye masa, sai ya riƙa shiga kemis yana sayen diklofenak da ibufurofen saboda ciwon kwiɓi, magungunan da suke ƙara gajiyar da ƙoda mai rauni, ya haɗa da jiƙe-jiƙen jarka da ake tallarsu da lasifika a kasuwa, waɗanda ba wanda ya san abin da aka zuba a ciki. Masu wannan talla su ma suna da alhakin da za su amsa, amma waɗanda suka san gaskiya suka yi gum sun fi su.

Binciken kuwa ba wani abu ne mai wuya ba, hoton ciki ne irin wanda ake yi wa masu juna biyu. Ga wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da cutar, idan shekarunsa tsakanin 15 da 39 ne, ganin jakunkuna uku ko fiye a ƙodojin ya isa a tabbatar. Daga 40 zuwa 59 ana neman aƙalla biyu a kowace ƙoda. Sai dai akwai wurin da mutane ke ruɗuwa, kuma na gan shi a gidan nan. Autansu, ɗan shekara 24, ya je an yi masa hoto ba a ga komai ba, ya dawo da murna yana cewa shi zai ba yayansa ƙoda ɗaya. Likita ya dakatar da shi, domin a shekarunsa jakunkunan suna iya kasancewa ba su kai girman da za a gansu ba, sai an yi bincike mai zurfi ko gwajin ƙwayar halitta. Yayarsu kuwa, da ta haura hamsin aka duba ba a ga ko ɗaya ba, ita ce aka ce ta kuɓuta, ita da 'ya'yanta. Kun ga, gaskiyar da ake tsoro ita ce ta wanke wani ɓangaren gidan daga zargi. Yara ƙanana da ba su da wata alama ba lallai ne a garzaya da su hoto ba, amma a riƙa auna musu hawan jini, idan sun girma a faɗa musu su zaɓa da kansu.

Cutar ba ta da maganin da ke kawar da ita, amma ana rage mata gudu, kuma ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Babban aiki shi ne riƙe hawan jini da magani irin su lisinofiril ko losatan, waɗanda mai juna biyu ba ta shan su, da rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a rana, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen magi da yajin tsire, da yawan shan ruwa muddin ƙodar tana da sauran ƙarfi. Akwai maganin da ake kira tolbaftan ga waɗanda cutarsu ke sauri, yana da tsada kuma sai ana bin hanta da gwaji. Duk wannan ga wanda ya sani ne. Wanda aka ɓoye wa ba zai rage gishiri ba, ba zai auna jini ba, sai dai ya zo a yi ihu bayan hari. Haka kuma idan a dangi an taɓa samun wanda jijiyar jini ta fashe masa a ka ya faɗi nan take, wajibi ne a faɗa wa likita, domin cutar tana tafiya da wannan haɗarin a wasu gidaje.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Amma ta yaya mutum zai shafa ruwa alhali an kulle ɗakin da wutar take ci? Ina tuna lokacin da tsofaffinmu suke zaunar da jikoki bayan sallar isha'i suna jero musu dangi ɗaya bayan ɗaya, wane ya haifi wane, wance ciwon kaza ne ajalinta, ba su jin kunyar faɗa. A binciken aure dattijo kan faɗi abin da ya sani ko da a kan gidansa ne, saboda yana ganin amana ce. Yau za mu kashe kuɗi a kan ankon biki da kayan lefe, mu yaɗa hotunan abincinmu a waya duniya ta gani, amma ciwon da ya kashe mahaifinmu ya zama sirrin da ko 'ya'yan cikinsa ba su isa su ji ba. Maƙwabcina yana da 'ya'ya biyar, babbar an sa mata rana bayan Sallah, kuma da na tambaya ko an faɗa mata, sai aka ce mini a bari a gama biki tukuna.