Malam, «babu darasi yau, za mu rama» ba sanarwa ba ce

Ga saƙon da wakilin ajinmu ya turo a WhatsApp da safiyar Talata, ƙarfe tara saura kwata: «Malam ya ce babu darasi yau, za a rama ranar Asabar. A karanta babi na huɗu, zai fito a gwaji.» Darasin na ƙarfe takwas ne. Ma'ana dai lokacin da saƙon ya shigo, mun fi minti arba'in a zaune a ɗakin lakca muna leƙen ƙofa. Wadda ke kusa da ni matar aure ce, daga can bayan gari take zuwa, hawa biyu na A Daidaita Sahu. Tun asuba ta shirya yara, ta kai ƙaramin gidan maƙwabta, ko karin kumallo ba ta tsaya yi ba don kada Malam ya riga ta shiga ya ce a rufe ƙofa. Ta karanta saƙon, ta kife wayar a cinya, ta ce, «Wallahi kuɗin cefanen yau na shigo mota da shi.» Ba ta da wani darasi a ranar sai wannan.

Ba na faɗa da malami don ya fasa darasi. Malami mutum ne, yana ciwo, ana yi masa rasuwa, ana kiransa taro ba shiri. Abin da ke ƙona mini rai shi ne irin wannan sanarwa da ake jefo mana, wadda ba ta zo kan lokaci ba, kuma ba ta faɗi komai a kan yadda za a rama aikin ba. Malam ya sauke nasa nauyin da layi biyu, duk sauran wahalar ta dawo kan ɗalibai.

Mu fara da lokaci. In uzurin na gaggawa ne, babu mai cewa uffan. Amma sau tari taro ne da aka sa rana tun makon jiya, ko tafiya zuwa wata makaranta inda yake koyarwa ta wucin gadi. Ya san da shi tun daren Litinin. Me zai hana ya faɗa da daddare, kafin mutum ya zuba kuɗin mota? Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, zuwa makaranta ya zama lissafi na kullum ga duk wanda ba a ɗakin kwanan ɗalibai yake zaune ba. Akwai masu duba jadawali su zaɓi ranakun da za su iya zuwa. Wanda ya sa ɗalibi ya yi zuwan banza, ya cinye masa kuɗin wata ranar da ake da darasi na gaske. Kuma saƙon ma ba kowa yake samu ba. Mai kariyoba daga ajin gaba ba ya cikin rukunin ajinmu, mai ƙaramar waya ba ya WhatsApp, wanda datarsa ta ƙare sai ya iso ya ji a bakin mutane.

Sai maganar «za a rama ranar Asabar». Wace Asabar? Ƙarfe nawa? A wane ɗaki? Awa nawa za a yi? Ba ɗaya da aka faɗa. Wakilin aji ya kira Malam, ba a ɗaga ba. Sai daren Juma'a bayan sallar isha'i wani saƙon ya shigo, wai ƙarfe goma na safe. Jadawalin zango wani kwamiti ne ke zama ya tsara shi, ya raba ɗakuna da awanni yadda darussa ba za su ci karo da juna ba. Darasin ramuwa ba ya cikin wannan tsari, don haka in malami bai je ya nemi ɗaki da kansa ba, ko dai a tarar da ƙofa a garƙame mai makulli ba ya nan, ko a tarar ɗaliban ƙarshen mako sun cika wurin, domin Asabar ranarsu ce. Haka muka yi ta yawo daga wannan gini zuwa wancan, muka ƙare a wani ƙaramin aji da rabinmu ke tsaye a bakin taga, ba fanka, ba lasifika. Na baya ba su ji komai ba sai kiran lambar rajista.

Wannan kiran rajistar kuwa shi ne zaluncin da ya fi kowane ciwo, kuma lissafinsa a fili yake. A ƙa'idar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, yunit ɗaya na kwas yana nufin lakca ta awa ɗaya a kowane mako, har tsawon mako 15 na zango. Kwas ɗinmu mai yunit uku ne, wato awa 45 ke nan: awa biyu ranar Talata, awa ɗaya ranar Alhamis. Dokar yawancin jami'o'inmu kuma ita ce sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin 100 na darussa kafin a bar shi ya zauna jarrabawa. Kashi 75 na awa 45 ya kama awa 34 in an cike, don haka awa 11 kacal mutum ke da ita a duk zangon ta rashin lafiya, ta haihuwa, ta rasuwa, ta rashin kuɗin mota. To, a ce malami ya fasa Talata uku, ya tara awa shida, ya ce Asabar ɗaya za a yi su, kuma ya kira suna. Wanda bai samu zuwa wannan rana guda ba ya yi asarar awa shida cikin goma sha ɗayansa, fiye da rabi. Alhali duk Talatun nan uku yana zaune a aji, malamin ne bai zo ba. Ina adalci a nan? Wanda ya cika alƙawarin jadawali shi ake rubuta wa fashi.

Su wa ke rasa Asabar? Ba malalata ba ne. Yaron da ke tsaron shagon yayansa a kasuwa don ya haɗa kuɗin makaranta. Wadda ke koyarwa a Islamiyya Asabar da Lahadi. Wanda ke tafiya gida ƙarshen mako ya ɗebo garin tuwo da ɗan abin da zai riƙe kansa. Mutane sun tsara rayuwarsu a kan jadawalin da makaranta ta ba su, ba a kan wanda zai fito daren Juma'a ba.

Ko ga wanda ya samu zuwa, awa shida a zama ɗaya ba daidai take da darasi uku ba. Tazarar da ke tsakanin Talata da Talata tana da aiki: ka koma ka duba, ka gwada lissafin, ka ga inda ka maƙale, ka dawo da tambaya. In aka haɗe su, abu na biyu ana ɗora shi a kan na farko da bai zauna ba tukuna. Kamar a hana mutum abinci kwana uku ne, sannan a ajiye masa kwano tara a ce ya cinye yanzu. Bayan awa biyu babu mai fahimta, rubutu kawai ake yi. Kuma gaskiyar magana, ba a ma cika awannin. A fara a makare, a tashi sallar azahar, a dawo a yi ɗan abin da ya samu, Malam ya ce, «Sauran yana cikin handawut.» A takarda an rama awa shida, a aji kuwa da ƙyar aka yi rabinta. In darasin na gwaje-gwaje ne abin ya fi muni, domin ɗakin gwaji ba ya buɗuwa sai da ma'aikacin da ke kula da kayan, shi kuma Asabar ba ranar aikinsa ba ce. Sai a zana na'urar a allo a ce an yi.

Sannan wancan layi na ƙarshe, «a karanta babi na huɗu, zai fito a gwaji». Karatun kai wajibi ne a jami'a, babu mai musu. Amma karatun kai yana tafiya ne tare da darasi, ba ya zama a madadinsa. Gwajin nan yana cikin makin aikin zango, wanda ke ɗaukar kashi 30 ko 40 cikin 100 gwargwadon makaranta. Wanda ya faɗi a nan zai shiga jarrabawa da rauni. A ce abin da ba a koyar ba shi za a auna mutum da shi, kuma babu ranar da aka ware don ya yi tambaya? Wane littafin ma ake nufi, alhali kwafin da ke laburare bai wadaci aji ba? In ka ga sanarwa ta ce a karanta, ba ta ce yaushe za a zauna a bi karatun tare ba, ka sani ba za a taɓa koyar da wannan babin ba. Haka in ka ga «za mu rama» babu rana, yawanci sai makon bita ake tuna ta, lokacin da kowane malami ke neman awannin da ya zubar, darussa uku su faɗo a awa ɗaya, ɗalibi ya rasa wanda zai shiga.

Abin da muke nema bai fi ƙarfin kowa ba. Malam, in ka san ba za ka zo ba, faɗa mana tun dare. A cikin saƙon ka sa darasin da aka fasa da abin da ya kamata a koyar a cikinsa. Ka ba da rana biyu a zaɓa, wakilin aji ya duba jadawalinmu, har da na masu kariyoba, ya dawo maka da wadda ba ta ci karo da komai ba. Ka nemi ɗakin da kanka, domin ba a sauraron ɗalibi a ofishin rabon ɗakuna. Awa biyu a rama ta da awa biyu, a cikin mako biyu, kafin a wuce zuwa abin da ke gaba. Kada a yi gwaji a kan babin sai an koyar da shi. Waɗanda suka zo ranar da ka fasa, wakilin aji ya rubuta sunayensu a lissafa musu halarta, wanda ya rasa ramuwa kuma kada a sa masa fashi. A manna kwafin sanarwar a allon sashe saboda marasa waya.

Wakilin aji kuma a daina mai da shi garkuwa. Shi ɗalibi ne kamarmu, da katinsa yake kira, shi ke shan zagin mutum ɗari, kuma ba ya iya matsa wa Malam da tambaya saboda shi ma makinsa na hannunsa. Dukkanmu tsoron da ke rufe mana baki ke nan.

Shi ya sa nake kai kukan ga shugabannin sassa. Ana riƙe rajistar zuwan ɗalibi awa-awa, har a hana shi jarrabawa da ita. To a riƙe ta darussan da aka fasa ita ma: ranar da aka fasa, ranar da aka rama, awa nawa aka yi, wakilin aji ya sa hannu. Kafin a fitar da jadawalin jarrabawa, shugaban sashe ya buɗe ta ya ƙirga ko awa 45 ɗin da muka biya kuɗinta ta cika.