Mai gida yana Landan, to makullin yana hannun wa?

Maganar wani yaro ɗan bautar ƙasa da ya ba da labari a intanet yadda aka wanke shi a kan hayar wani gida a Gwarinpa ta Abuja ta tsaya min a rai wallahi, kuma ba shi ne ya fi ba ni haushi ba, masu kwament ne, wai "kowa zai iya faɗawa", wai "ai akwai masu gida na Allah har yanzu". Eh akwai su. Amma na Allahn nan makullinsu ba ya tafiya Landan.

Ɗaki biyu da falo, tayil ko'ina, kicin da kabad, ruwa na zuba, a Gwarinpa fa, wai naira dubu 700 a shekara. Kai da ka san irin wannan gidan miliyoyi ake magana a unguwar nan, kai da dubu 700 ɗin nan ko ɗaki ɗaya mai banɗaki a ciki sai ka sha yawon Kubwa da Dutse kafin ka samu, amma da ka gani sai zuciyarka ta ce maka rabo ne. Masha Allah, duk Abuja da dillalanta da suke kwana suna tashi da jin ƙanshin gidan da ba kowa, babu wanda ya hango wannan garaɓasa sai kai da ka sauka a tasha shekaranjiya. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Ku duba yadda aka bi da shi tunda shi da kansa ya saka hirar tasu. Wanda ya ce gidan nasa ne ya ce shi likita ne, aiki ya kai shi Ingila shekara uku, ba kuɗi ne damuwarsa ba, mai tsoron Allah yake nema da zai kula masa da gida, dillalai sun taɓa cutarsa shi ya sa ba ya son su shiga. Lambarsa ta Watsap da +44 ta fara, ya turo hoton fasfo, ya turo takardar yarjejeniya har da hatimin lauya. Sai fom, naira dubu 15. Wannan ba don kuɗin ba ne, gwaji ne, ana so a ga ko hannunka na saurin tura kuɗi. Da ya biya sai aka ce wasu mutum biyu na neman gidan, ɗaya ma gobe zai biya duka, in yana so a riƙe masa ya ba da kafin alƙalami dubu 200. Ya tura, kuma sunan da ya fito a asusun ba sunan likita ba ne, wai na lauyansa ne. Daga nan makulli yana hanya ta kamfanin aika saƙo, a biya dubu 45. Bayan kwana biyu wai an riƙe kunshin a filin jirgi sai an ƙara wani abu. Da ya ce shi dai a dawo masa da kuɗinsa sai ya daina ganin hoton mutumin, an yi bulokin ɗinsa. Dubu 260 sun tafi, ko ƙofar gidan bai taɓa ba.

To ni tambayata ɗaya ce, kuma ita zan ta maimaitawa har ku gaji: makullin yana hannun wa? Don Allah ku faɗa min wane ɗan ƙasar nan ne zai mallaki gida a Abuja ya tafi waje ya zama ba shi da ƙane, ba suruki, ba abokin aiki, ba maigadi, ba ko yaron da ke share tsakar gida? Mu da ko Umara mutum zai je ta sati biyu sai ya bar wa wani makulli. Labarin "ina ƙasar waje" aikinsa guda ɗaya ne tak, ya ba ka dalilin da ya sa ba za ka shiga cikin gidan ba kafin ka biya. Shi ya sa za a ce maka je ka duba ta waje, ga adireshi. Kuma gidan yana nan da gaske, fentinsa ma kamar na hoton, sai dai na wani bawan Allah ne da bai san ana tallarsa ba.

Wani ya ce min ai ya turo fasfo. Fasfon wa? Sau da yawa na wani ne da aka damfara kafin kai, wanda aka ce ya turo katin shaidarsa don a cike fom, kuma naka da ka tura yanzu da shi za a ci na gaba. Wani ya ce lambar Ingila ce ai. Lambar waje saye ake yi a intanet, mutum yana zaune a Nyanya sai ya buɗe Watsap da ita. Ce masa ku yi bidiyo kol ka ji yadda kyamararsa za ta lalace, ko yana tiyata, ko netwok ɗin asibiti ba kyau. Hatimin lauya kuwa bar shi kawai, kowane shagon kwamfuta zai buga maka.

Abin da ya kamata yaron nan ya yi bai kai kuɗin fom ɗin ba. Hotunan ya saka su a Google Lens mai nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet, irin waɗannan yawanci daga tallan gidajen saukar baƙi na kwana-kwana ake kwaso su, sai ka ga falon "Gwarinpa" ya fito a Lekki. Ya je unguwar da ƙafarsa ya gaida maigadi ya ce Baba gidan nan na waye, akwai wanda zai tashi? Minti biyar magana ta ƙare. In an buɗe maka ka shiga, duba lambar mita ka saka ta kamar za ka sayi wutar AEDC, suna zai fito, wani lokaci na tsohon mai gida ne amma aƙalla ka samu abin tambaya. Kuma asusun da za ka tura kuɗi sunansa ya zama shi ne a takardar yarjejeniya, ko na wakilin da kuka zauna ido da ido a ofishinsa.

Ban ce shiga ciki ya gama komai ba, akwai ƙwararrun da ke kama gidan saukar baƙi na kwana biyu su yi ta zagayawa da mutane suna karɓar kuɗi, shi ya sa maigadi da maƙwabta suka fi hoto da takarda. Amma wanda ko buɗe ƙofa bai iya sa an yi maka ba, wannan ko sisi.

Da gaske nake yanzu, na san me ke kai mutane. Haya ta yi tsada, an ba ka sati biyu ka fara zuwa aiki, kana kwana a falon ɗan uwa matarsa ta fara canza fuska, a wannan halin ko wa ya ce maka ga sauƙi za ka so ya zama gaskiya. Wanda abin ya riga ya same shi kada kunya ta sa ya yi shiru, ya kira bankinsa a take su tuntuɓi bankin da kuɗin ya shiga ko za a iya tsayar da asusun, ya ajiye hirar da rasit ya kai wa 'yan sanda ko EFCC. Dokar zamba ta 2006 ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ta tanada ba zaɓin tara, sai dai kuɗin cikin mintuna ake kwashe su ta wajen masu POS, in ka kwana biyu kana jiran makulli sai addu'a.

Ku kuma dillalai na gaske kada ku yi ta tafi a ƙasan rubutun nan, da hannunku a ciki. La'ada kashi 10, kuɗin lauya, kuɗin ajiya, sannan kuɗin ganin gida dubu 5 kowane zagaye, a kai mutum gidan da silin ɗinsa ya rufto a ce "in ka biya za a gyara". Wani ma satin da ya wuce gida uku ya nuna min, na ukun ashe da mutane a ciki suna cin abincin rana, kuma ni na zuba masa mai a mashin.