Jikan da Ya Manta Yadda Aka Gina Gidan

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Allah Ya ce wa Manzonsa (SAW) a Suratul Anfal, aya ta 63, da zai ciyar da duk abin da ke bayan ƙasa ba zai iya haɗa zukatan muminai ba, Allah ne Ya haɗa su. Wannan aya tana cikin hujjojin Ibn Khaldun, malamin tarihi haifaffen Tunis a 1332, a littafinsa Muƙaddima da ya rubuta a 1377.

Abin da ke kafa daula shi ya kira asabiyya. Kada kalmar ta razana ku. Asabiyyar da Annabi (SAW) ya hana ita ce goyon bayan naka a kan ƙarya. Wadda malamin yake nufi ita ce zumuncin da ke sa mutum ya ji ciwon ɗan'uwansa a jikinsa, ya tsaya masa ko da ransa ne. Ya ce an fi samun ta wurin mutanen daji da duwatsu, waɗanda ba ganuwa gare su ba dogarai, sai junansu. Idan kiran addini ya shigo, hassada ta kwanta, ƙarfinsu sai ya ninka.

Ku dubi Muwahhidun na Maroko. Ƙabilun Masmuda ne na duwatsun Atlas, Ibn Tumart ya tara su a kan da'awarsa. Ya rasu a 1130, almajirinsa Abdul Mumin ya ci Marrakesh a 1147, mulkinsu ya kai har Andalus. Ibn Khaldun ya lura ƙabilun Zanata ba su gaza Masmuda ƙarfi ba, amma suka miƙa wuya, saboda da'awa ta sa Masmuda sun zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya.

To ta ina ɓaraka take shiga? Ya ce ɗaukakar gida ba ta cika wuce mutum huɗu ba. Na farko shi ya gina, ya san yunwar da ya sha da halayen da suka kai shi. Ɗansa ya gani da idonsa, ya koya a wurinsa, sai dai wanda aka ba labarin wahala bai kai wanda ya ɗanɗana ta ba. Na uku kwaikwayo yake yi, yana riƙe da al'adar bai san dalilinta ba. Na huɗu kuwa, shi ne wanda nake jiye wa tsoro. Ya buɗe ido ya ga ana durƙusa masa, sai ya ɗauka girman a jininsa yake. Bai san tawali'u da kyauta da haƙuri da mutane ne suka sayo shi ba. Sai ya fara raina mutanen da suka ɗora kakansa, su kuma su janye jiki su nemi wani.

Wallahi duk wanda ya gaji gidan malanta, ko shagon mahaifi, ko shugabancin zuri'a, ya tsaya ya tambayi kansa: cikin huɗun nan wanne ne ni? Yaushe rabon da in taka ƙafa gidan tsohon da ya riƙe wa mahaifina jaka? Ko ɗa ka bari, ka koya masa wahalar ko sunan kawai ka miƙa masa?

Cutar tana da alamu. Sarki ya fara keɓe ɗaukaka ga kansa, ya ture danginsa, ya jawo barori da sojan haya, waɗanda biyayyarsu ke ƙarewa ranar da albashi ya tsaya. Jin daɗi ya ƙaru, kashe kuɗi ya ƙaru, a ɗora haraji. Manomi da ɗan kasuwa su ga wahalarsu ba ta komawa aljihunsu, su sassauta, abin da ke shiga baitulmali ya ragu, a sake ƙara harajin. Shi ya sa Ibn Khaldun ya ce zalunci yana rushe raya ƙasa.

Haka ta faru da Muwahhidun. Bayan karayarsu a yaƙin Uƙab da Kiristoci a Andalus a 1212, gidan ya dare. Halifansu Ma'amun ya shiga Marrakesh da taimakon sojojin Kiristoci na masarautar Kastila ta Sifen, ya karkashe shehunan Muwahhidun, ya fito fili ya yi watsi da Ibn Tumart. Ibn Khaldun ya ƙiyasta rayuwar daula da zuri'a uku, kowace shekara 40, jimla 120, yana mai cewa galibi ne, takan jima idan ba a samu mai ƙalubalantar ta ba. Su an samu. A 1269, shekara 122 bayan shigar Abdul Mumin, Banu Marin suka karɓe Marrakesh, kuma su ɗin daga Zanata suke, ƙabilun da suka miƙa wuya da farko.