Shafi shida ne, Malam, me za ka ce a ƙara?

Malamai 'yan'uwana masu duba maƙalun taron ƙara wa juna sani, akwai wata ɗabi'a tamu da ta daɗe tana damuna. A turo mana maƙala mai shafi shida cif, wadda ta cika har layin ƙarshe, mu zauna mu jero gyare-gyare goma sha, kowanne da "a ƙara" yake farawa: a ƙara bayani, a ƙara gwaji, a ƙara nazarin ayyukan magabata. A ina za a zuba su? Kwamitin taro ba zai ba shi shafi na bakwai ba. Tarukan ACL na masu nazarin harshe da kwamfuta kan ba da shafi takwas, su ƙara guda ɗaya bayan an karɓi maƙala don a amsa gyaran masu dubawa. Taron ICASSP na masu nazarin sauti da sigina shafi huɗu ne na aiki, na biyar na jerin manazarta. Da yawa kuwa ko layi ba sa ƙarawa. Don haka a wurina, duk abin da mai dubawa ya ce a saka, bashi ne a kansa ya faɗi abin da za a cire.

Maƙalar da ake dubawa amana ce, ba a baje ta a Facebook, saboda haka bari mu ƙaddara wata. A ce wani ɗalibin digiri na biyu ya rubuta shafi shida a tsarin IEEE, mai raba shafi gida biyu, kan yadda ƙurar hunturu ke rage ƙarfin farantin sola. Ya kafa faranti biyu iri ɗaya a kan rufi, ana wanke ɗaya kullum da safe, ɗayan an bar shi mako shida ba a taɓa ba. Ya ce a makon farko marar wankin ya yi asarar kashi 3 cikin ɗari, a mako na shida asarar ta kai kashi 18. Taken maƙalar kuma ya ambaci yankin Sahel gaba ɗaya.

Kafin ka rubuta komai, dubi inda shafukan suka tafi. Ɗaya da rabi a gabatarwa, ana gaya wa injiniyoyin lantarki cewa Afirka na da rana. Rabin shafi hoton rufin ne da farantan, har da tankin ruwan maƙwabta. Wani rabin shafin lissafe-lissafe ne na yadda ƙwayar sola ke aiki, waɗanda aka kwafo daga littafi, ba a kuma sake waiwayarsu ba. Ke nan akwai wajen shafi guda da za a iya kwatowa ba tare da maƙalar ta rasa komai ba. Da wannan shafin za ka yi cefane, kuma iyakar kuɗin da ke hannunka ke nan.

To me ya cancanci a saya da shi? Abin da iƙirarin maƙalar ya tsaya a kansa kaɗai. Kashi 18 ɗin nan babban gibi ne, da wuya kuskuren awo ya haifar da shi. Kashi 3 na makon farko shi ne abin tuhuma. Faranti biyu da suka fito daga kamfani ɗaya, masu lamba ɗaya, ba lalle ƙarfinsu ya zo daidai ba. Wasu kamfanonin kan rubuta a takardar kaya cewa zai iya haura ko ya gaza da kashi 3. Ga kuma zafi. Ƙarfin da aka rubuta a bayan faranti an auna shi ne a digiri 25, da hasken wat 1000 a kan kowace murabba'in mita, kuma farantin silikon na rasa kusan kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk digiri ɗaya da zafinsa ya ƙaru. Idan ɗaya ya fi ɗan'uwansa zafi da digiri 5, wataƙila don an wanke wancan da ruwan sanyi dab da awo, ko don iska ta fi ratsa ƙarƙashinsa, ka sami bambancin kashi 2 ba tare da ƙwayar ƙura ko ɗaya ba. Haɗa wannan da bambancin kamfani, ka ga kashi 3 ɗin ya narke.

Saboda haka buƙatata ta farko ita ce ƙaramin jadawali da ke nuna awon farantan biyu a ranar farko, dukkansu a wanke. Ta biyu, layi uku ko huɗu: da ƙarfe nawa ake awo, minti nawa bayan wanki, da wace na'ura, mene ne iyakar kuskurenta, kuma ko an auna zafin bayan farantan. Waɗannan abubuwa ne da ko suna cikin littafin awonsa ko ba sa ciki. In suna ciki, aikin yini ɗaya ne, kuma ba za su ci rubu'in shafi ba. In ba sa ciki, sai ya janye maganar makon farko, ya faɗi a fili cewa awonsa ba ya iya rarrabe asarar da ba ta wuce wannan ba. Ta uku ba ta cin wuri ko kaɗan: a cire Sahel daga take. Rufi ɗaya, a gari ɗaya, a hunturu ɗaya aka yi aikin, sai take ya faɗi haka.

Abin da ba zan nema ba shi ne awon shekara guda, ko a maimaita gwajin a garuruwa uku. Na san da an yi da aikin ya fi kyau. Amma taro ba mujalla ba ne. Galibi zagaye ɗaya ake yi, a ba marubuci 'yan makonni ya miƙa kwafin ƙarshe, sau da yawa ma gyaran ba ya dawowa hannun mai dubawa. Idan sharhinka ya isa gare shi a watan Yuni, ina zai samo hunturu? Sai Nuwamba in Allah ya kai mu. In har ka tabbata maƙalar ba ta tsayuwa sai da sabon gwaji, hukuncin gaskiya shi ne kar a karɓa a wannan karon, ka kuma bayyana dalili. Ka rubuta "a karɓa bayan gyara" alhali gyaran ba mai yiwuwa ba ne, ka tura yaro ne ya ƙanƙance rubutun jadawali har sai an sa tabarau, ko ya matse tazarar layuka ya karya ƙa'idar taron, ko ya cusa jimla guda ta ganin ido don a ce ya amsa.

Sai batun manazarta. A tarukan da jerin manazarta ke cikin ƙidayar shafi, kowane aiki da ka ce a ambata layi biyu ko uku ne ya tafi. Aiki ɗaya da ya auna abu iri ɗaya a yanayi irin wannan, wanda ya kamata a gwada sakamakon da nasa, wannan hakki ne a nema. Amma mai dubawa ya lissafo maƙalu biyar waɗanda duk suna ɗaya ke yawo a cikinsu, kowa ya san ko sunan wane ne, har marubucin.

Ni dai a sharhina nakan raba gida biyu. Na farko sharuɗɗa ne, ba sa wuce uku, kowanne da inda za a samo masa wuri: a rage hoton rufin zuwa gida ɗaya na shafi, a share lissafin da ba a yi aiki da shi ba, a mayar da gabatarwa sakin layi uku. Na biyu nakan rubuta a samansa cewa shawara ce don lokacin da za a faɗaɗa aikin zuwa mujalla, ba sharaɗin karɓa ba. A nan awon shekara da garuruwa ukun suke shiga. Shugaban ɓangaren da zai yanke hukunci yana da tarin maƙalu a gabansa, kuma in sauran masu dubawa biyu sun nemi abin da ya ci karo da nawa, yana buƙatar ya gane da kallo ɗaya wanne ne ba zan sassauta a kai ba. A wannan maƙalar, jadawalin ranar farko ne.